Bayan An Gyara Tangarɗa: Yadda Ake Bin Sawun Ayyukan Gyara Har A Tabbatar Da Kowanne

Darasinmu na yau na masu gina manhaja ne da masu kula da sabar, musamman waɗanda ke aiki a ƙananan kamfanoni inda mutum uku ko huɗu ke riƙe da komai.

Idan manhajar da jama'a ke amfani da ita ta tsaya, wato abin da masu sana'ar ke kira tangarɗar furodokshin, kowa yakan tashi tsaye har sai ta dawo. Bayan kwana ɗaya ko biyu a zauna taro, a tattauna abin da ya jawo matsalar, a rubuta rahoto. A ƙarshen rahoton akan jera ayyukan da za a yi don kada abin ya sake faruwa. Wannan jerin shi ne batunmu, domin a nan aka fi yin sakaci. Manhaja ta dawo, hankali ya kwanta, kowa ya koma kan aikinsa, jerin kuma ya kwanta a cikin rahoto har ranar da irin tangarɗar za ta sake aukuwa.

Abin da za mu koya shi ne yadda ake ɗaukar kowane aiki a cikin jerin a bi shi ta matakai uku: a san mai shi, a san ranarsa, sannan a gwada shi a ga yana aiki kafin a rufe. Za mu fi daɗewa a kan na ukun, domin shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Abin da ya faru a GitLab a 2017

A ranar 31 ga Janairu, 2017, rumbun bayanan GitLab.com ya shiga matsala. Suna da sabar PostgreSQL guda biyu: babba wadda ake rubutu a cikinta, da mataimakiya wadda ke kwafar duk abin da aka rubuta a babbar. Nauyi ya yi wa babbar yawa, mataimakiyar ta kasa bin sawu har ta yanke. Wani injiniya ya zo zai share bayanan mataimakiyar don a sake kwafowa daga farko, sai ya zamana a kan babbar ya ba da umarnin. Kafin ya tsayar da shi, daga bayanai kusan gigabait 300 abin da ya rage bai wuce gigabait 4.5 ba.

Kuskure irin wannan yana iya faɗa wa kowa. Abin da ya mayar da shi babbar asara shi ne abin da aka tarar da aka je neman kwafin ajiya. An tsara `pg_dump` ya riƙa ɗaukar kwafi kowace awa 24 yana ajiyewa a Amazon S3, amma da aka duba wurin ajiyar babu komai. Dalili kuwa, `pg_dump` ɗin da ke gudana na siga 9.2 ne, rumbun bayanan kuma siga 9.6, kuma `pg_dump` ba ya yarda ya kwafi rumbun da ya fi shi sabunta. An kuma tsara cewa idan kwafin ya gaza, saƙon imel zai sanar da su. Saƙonnin suna fita, amma sabar da ke karɓa tana ƙin su saboda ba su cika sharaɗin DMARC ba, don haka babu wanda ya taɓa ganinsu.

Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniya ya ɗauka da hannu kusan awa shida kafin gogewar, don wani gwaji na daban. Dawo da shi ya ci kusan awa 18 saboda jinkirin diskin da yake kai. Bayanan awa shidan nan kuwa sun tafi: kusan furojet 5,000, sharhi 5,000, da sabbin asusu 700. Ma'ajiyar kod ɗin mutane ba ta taɓu ba, domin ba a rumbun take ba.

A rahoton da suka fitar a watan Fabrairu na shekarar, sun tambayi kansu me ya sa ba a gwada kwafin ajiyar a kai a kai. Amsar da suka bayar ita ce aikin ba shi da mai shi, don haka babu wanda nauyin gwajin ya rataya a wuyansa. Sun kuma jera ayyukan gyara, kowanne da lambar tikitinsa da kowa zai iya dubawa. A cikinsu akwai sa ido a kan kwafin ajiya da Prometheus, da gwada dawo da kwafin ta atomatik, da naɗa mutumin da zai ɗauki nauyin tsaron bayanai.

Lura da abu ɗaya. Kwafin ajiyar da ƙararrawar imel ɗin duka ayyuka ne da wani ya taɓa yi a baya, kuma a takarda an gama su. Ayyukan gyaran da ke cikin rahotonka ma haka za su iya zama: an rubuta, an ɗora, an rufe, amma ba sa aiki.

Daga nan za mu ɗauki biyu daga cikin irin waɗannan ayyuka mu bi su a kan misali namu. Mu ɗauka ƙaramin kamfani ne mai manhajar saye da sayarwa, rumbun bayanansa sunansa `kasuwa`, kuma ya gano bayan wata tangarɗa cewa kwafin ajiyarsa ya daɗe ba ya fita.

Mataki na farko: a fitar da aikin daga rahoto

Rahoto abin karantawa ne sau ɗaya. Babu wanda ke buɗe shi da safe don ya ga abin da zai yi yau. Saboda haka kowane aiki ya zama tikiti a wurin da ma'aikatan ke duba ayyukansu na yau da kullum, ko GitLab ne, ko GitHub, ko Jira. A buɗe tikitocin kafin a tashi daga taron, a liƙa musu alama iri ɗaya, misali `bayan-tangarda`, sannan a mayar da lambar kowanne cikin rahoton.

Yadda aka rubuta tikitin shi ke nuna ko za a iya rufe shi. Duba wannan: "A inganta tsarin ajiya." Yaushe za a ce an gama? Wanda ya ƙara layi ɗaya a takardar bayani zai iya cewa ya inganta, wanda ya yi wata uku yana aiki kuma zai iya cewa da saura. Kalmomi irin su "a inganta", "a duba", "a ƙara kula" duk haka suke. Gara a raba shi gida biyu, kowanne da iyakarsa:

Na ɗaya: idan awa 26 ta wuce ba a samu kwafin ajiya mai kyau ba, wayar mai jiran aiki ta yi ƙara.

Na biyu: kowane mako a ɗauko kwafi daga wurin ajiya a dawo da shi a wata sabar daban, a duba ko bayanan sun cika.

A ƙarƙashin kowanne a rubuta layi mai taken "Hujjar kammalawa", wato abin da za a gani da ido kafin a yarda an gama. A rubuta shi tun a taron, kafin a taɓa aikin. Idan aka bari sai an gama, mutum zai rubuta hujjar da ta dace da abin da ya riga ya yi.

Akwai ayyukan da bincike ne da gaske, kamar duba ko wata manhajar ajiya ta dace da ku. Irin wannan ma yana da hujjarsa: gajeriyar takarda da ke cewa an zaɓa ko an ƙi, da dalili. Idan an zaɓa, sai a buɗe sabon tikiti na ɗora ta kafin a rufe na binciken.

Mataki na biyu: mai aiki mutum ɗaya ne

A filin mai aiki a sa sunan mutum ɗaya. Idan aka rubuta "sashen kula da sabar", kowa a sashen zai ɗauka ɗan'uwansa ne zai yi. Idan aka sa mutum biyu ma haka ne. Mai aikin yana iya neman taimako, yana iya ma ba wani ya rubuta kod ɗin, amma shi za a tambaya ran bita, kuma shi zai amsa.

Sharaɗi na biyu shi ne ya karɓa da bakinsa. Ana yawan ɗora aiki a kan wanda bai halarci taron ba, don shi ne ba ya nan balle ya yi musu. Irin wannan tikiti sunan mutum kawai yake ɗauke da shi. Idan wanda ya dace ba ya wurin, shugaban taron ya riƙe tikitin da sunansa har sai ya same shi ya karɓa, kuma wannan kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Kada kuma a miƙa aikin ga wanda hannunsa ya jawo tangarɗar a matsayin horo. A ba wanda ke da ikon taɓa wurin, kuma yake da lokaci. Idan mutane suka fahimci cewa faɗin gaskiya a taro yana jawo musu lodin aiki, a taro na gaba ba za ka ji gaskiyar ba.

A ƙarshe, mutane suna tafiya hutu, suna sauya sashe, suna barin aiki. Tikitin da ke ɗauke da sunan wanda ya tafi ya fi maras suna haɗari, domin a ido yana da mai shi. Duk ranar da wani zai miƙa aiki, a duba tikitocin `bayan-tangarda` da ke hannunsa a raba su.

Mataki na uku: rana takamaimiya

"Nan ba da jimawa ba" da "wata mai zuwa" ba wa'adi ba ne. A sa rana, kuma mai aikin ne zai faɗe ta, domin mutum ya fi cika ranar da ya zaɓa da kansa. Amma a ba shi iyaka gwargwadon haɗarin. Tambayar da ke raba ayyukan ita ce: idan irin tangarɗar ta dawo a daren yau, wane aiki ne rashinsa zai sa mu sake yin asarar?

A misalinmu, ƙararrawar ce ta farko, domin har yanzu kwafin zai iya gazawa babu wanda ya sani. Kwana bakwai sun ishe ta. Gwajin dawo da kwafi kowane mako yana buƙatar sabar daban da ɗan rubutu, sai a ba shi kwana 30. Waɗannan lambobi shawara ce. Ku zauna ku tsayar da naku, amma ku tsayar kafin tangarɗa ta zo don kada a riƙa ciniki a kowane taro. Idan aiki ya fi ƙarfin wata ɗaya, a yanka shi, yanka na farko ya zama wanda zai rage haɗarin nan take. A misalinmu, kafin a gama na atomatik, mutum ya dawo da kwafi ɗaya da hannu a cikin makon nan.

A GitLab ana iya yin duka a cikin akwatin rubutun tikitin:

```
/label ~bayan-tangarda
/assign @mai_aiki
/due in 7 days
```

A GitHub ana amfani da `Milestone` ko filin kwanan wata a cikin `Projects`.

Ranar da aka sa ita ce ranar da za a gama tabbatarwa, saboda haka rubuta kod ɗin ya ƙare kafin ta. Idan wa'adi ya wuce, ana iya ɗaga shi, amma a rubuta dalili a cikin tikitin, kuma tsohuwar ranar ta zauna a wurin a riƙa ganinta. Tikitin da aka ɗaga sau biyu ya wuce matsalar mai aikin. Ko dai ba a ba shi lokaci ba, ko aikin ya yi girma, ko kuma babu wanda ya yarda yana da amfani. Wannan maganar shugaban sashe ce.

Mataki na huɗu: tabbatarwa

Hausawa suka ce gani ya kori ji. Ƙa'idar a nan ita ce a jawo matsalar da gangan, a wurin da aka shirya, a ga kariyar ta kama ta. Kuma wanda zai gwada ya zama wani ne daban da wanda ya yi aikin, domin mai aikin zai bi hanyar da ya riga ya san tana aiki.

Mu fara da ƙararrawar. Tsarin GitLab na farko yana jiran saƙon gazawa ne, shi ya sa shiru ya yi kama da lafiya. Tsarin da ya fi shi ne a jira labarin nasara, idan bai zo ba a yi ƙara. Mai aikinmu ya rubuta wannan:

```bash
#!/bin/bash
set -euo pipefail
pg_dump -Fc kasuwa > /ajiya/kasuwa-$(date +%F).dump
echo "ajiya_nasara_lokaci $(date +%s)" > /var/lib/node_exporter/ajiya.prom
```

Layi na ƙarshe yana rubuta lokacin da kwafin ya yi nasara a fayil ɗin da `node_exporter` ke karantawa ya miƙa wa Prometheus. Wurin fayil ɗin ya danganta da yadda kuka saita shi. Idan kuna tura kwafin zuwa wani wurin ajiya na nesa, umarnin turawar ya zo kafin wannan layi. Sai kuma sharaɗin ƙararrawar:

```
time() - ajiya_nasara_lokaci > 26 * 3600
  or absent(ajiya_nasara_lokaci)
```

An sa awa 26 ne saboda kwafin na kowace awa 24 ne, an bar awa biyu don ranar da ya yi jinkiri. Shi kuma `absent` yana kama ranar da lambar ta ɓace gaba ɗaya, misali an sake gina sabar an manta da fayil ɗin. Ba tare da shi ba, Prometheus ba zai sami abin da zai kwatanta ba, sai ya yi shiru.

An duba kod, an haɗe shi, an ɗora a sabar. Mutane da yawa a nan suke rufe tikiti. Mai gwaji kuwa yana da tambayoyi biyu.

Ta farko: idan `pg_dump` ya gaza, shin lokacin nasarar yana tsayawa? A sabar gwaji sai ya sauya sunan rumbun zuwa wanda babu shi, ya gudanar da rubutun, ya duba fayil ɗin `ajiya.prom`. Lambar ciki bai kamata ta motsa ba. Wannan gwaji yana kama wani tarko sananne. Mutane da yawa suna rubuta kwafin haka:

```bash
pg_dump kasuwa | gzip > kasuwa.sql.gz
```

Idan babu `pipefail`, `bash` yana duba sakamakon umarni na ƙarshe ne kawai, wato `gzip`. Shi kuma `gzip` zai matse abin da aka ba shi ko da babu komai, ya fitar da fayil mai bait 20, ya ce ya yi nasara. Ga fayil da sunansa da kwanan watansa, ga lokacin nasara ya sabunta, ƙararrawa tana barci, amma cikin fayil ɗin fanko ne.

Ta biyu: idan lokacin ya tsufa, shin saƙon yana isa wayar mutum? Wannan gwaji a kan sabar gaske za a yi shi, domin hanyar da saƙo ke bi daga sabar gwaji ba lallai ta zama ɗaya da ta gaske ba, kuma a wannan hanyar ce saƙonnin GitLab suka ɓata. Ba sai an tsayar da kwafin ba. A sanar da mai jiran aiki, sannan a rubuta tsohon lokaci a fayil ɗin da hannu:

```bash
echo "ajiya_nasara_lokaci $(date -d '27 hours ago' +%s)" \
  > /var/lib/node_exporter/ajiya.prom
```

Sai a jira. Ganin layi ya koma ja a shafin Prometheus bai isa ba. Abin da ake nema shi ne wayar mai jiran aiki ta yi ƙara. Idan ta yi, a ɗauki hoton saƙon da lokacin da ya iso a liƙa a tikitin, sannan a sake gudanar da rubutun kwafin don lokacin gaskiya ya dawo, a kuma ga ƙararrawar ta kwanta. Idan ba ta yi ba, an gano matsalar da rana tsaka, kowa yana wurin, babu abin da aka rasa.

Aiki na biyu, wato dawo da kwafi, ga yadda gwajinsa yake. A ɗauko fayil ɗin daga ainihin wurin ajiyar da za a nufa ranar matsala, ba wanda ya rage a kan sabar ba, a kai shi wata sabar daban:

```bash
createdb gwaji
time pg_restore --exit-on-error --no-owner -d gwaji kasuwa.dump
psql -d gwaji -c "SELECT count(*), max(created_at) FROM orders;"
```

Ba tare da `--exit-on-error` ba, `pg_restore` yana wuce kurakurai ya ci gaba, sai a ƙarshe ya faɗi adadinsu, kuma ana iya rasa ganin layin. Abubuwa uku ake rubutawa a tikitin. Yawan layuka ya yi kusa da na rumbun gaske. Oda mafi sabunta ta kasance ta kusa da lokacin da aka ɗauki kwafin. Idan ta makon jiya ce, to tsohon fayil ake ta juyawa, ko kuma ana kwafa daga mataimakiyar da ta daɗe da yankewa. Na uku shi ne tsawon lokacin da `time` ya nuna. Idan dawowar tana cin awa tara, shugabannin kamfanin su san haka tun yau, domin shi ne tsawon lokacin da kasuwa za ta tsaya.

Tunda tikitin ya ce kowane mako ta atomatik, gwaji ɗaya da hannu bai rufe shi ba. Sai an ga ya gudana da kansa a ranarsa, sannan an ba shi gurɓataccen fayil an ga ya yi ƙara.

Tarkon rufewa ta atomatik

A GitHub da GitLab, idan ka rubuta `Closes #41` ko `Fixes #41` a bayanin buƙatar haɗe kod, tikiti mai lamba 41 zai rufe kansa da zarar an haɗe kod ɗin cikin babban reshe. Ga aikin yau da kullum wannan sauƙi ne. Ga ayyukan bayan tangarɗa kuwa yana rufe tikitin tun kafin kod ya hau sabar, balle a gwada. Tikitin ya ɓace daga allo, kowa ya ɗauka an gama.

Maganinsa shi ne a rubuta `Related to #41`, wanda ke haɗa su ba tare da rufewa ba. Bayan an ɗora, mai aikin ya liƙa alamar `jiran-tabbaci` ya miƙa wa mai gwaji. Mai gwajin ne zai saka hujja, ya sauya alamar zuwa `an-tabbatar`, ya rufe da hannunsa.

Bitar mako

Duk wannan yana buƙatar mutum ɗaya mai riƙe da jerin gaba ɗaya, galibi wanda ya jagoranci taron. Sau ɗaya a mako, na minti goma zuwa sha biyar, zai yi tambayoyi huɗu: wane tikiti ne ba shi da mai shi, wanne ne ba shi da rana, wanne ne ranarsa ta wuce, wanne kuma aka rufe ba a tabbatar ba. A GitLab ana samun amsoshin ta API:

```
GET /projects/:id/issues?labels=bayan-tangarda&state=opened&assignee_id=None
GET /projects/:id/issues?labels=bayan-tangarda&state=opened&due_date=0
GET /projects/:id/issues?labels=bayan-tangarda&state=opened&due_date=overdue
GET /projects/:id/issues?labels=bayan-tangarda&state=closed¬[labels]=an-tabbatar
```

Ana so kowane layi ya dawo fanko. Na huɗun shi ne mai kama tikitocin da suka rufe kansu. Duk wanda ya bayyana a nan a sake buɗe shi. Wanda ba ya amfani da GitLab yana iya yin haka da shafin Excel mai ginshiƙai biyar: aiki, mai shi, rana, hujjar da ake nema, da wanda ya tabbatar. Layin da ke da gurbi fanko shi ne abin tattaunawa.

A bitar ba a karanta dukkan tikitoci. Waɗanda suka fito a tambayoyin kawai ake taɓawa, kuma kowanne ya fita da hukunci: sabon mai shi, sabuwar rana da dalilinta, ko a yanka shi ƙanana. Rahoton tangarɗar kansa yana nan a buɗe har sai tikiti na ƙarshe ya rufu.

Inda tsarin ke da iyaka

Ba kowane aiki ne ya cancanci a yi shi ba. A zafin taro mutane kan jera abubuwa ashirin, alhali uku ko huɗu ne suka shafi abin da ya faru kai tsaye. Jeri mai tsawo yana koya wa mutane cewa wuce wa'adi ba komai ba ne. Idan an yanke shawarar barin wani aiki, a rufe shi a fili da alamar `an-bari`, tare da sunan wanda ya yanke hukuncin da haɗarin da aka yarda a zauna da shi. Sai a cire masu wannan alama daga tambaya ta huɗu.

Akwai kuma matsalolin da ba a iya jawo su a sabar gaske, kamar goge babban rumbu. A nan sai a gwada a kan kwafinsa, a kuma rubuta a tikitin abin da gwajin bai taɓa ba, misali girman bayanan ko saurin diski, don wanda zai karanta daga baya ya san iyakar hujjar.

Idan kai kaɗai ne injiniyan kamfanin, babu mai gwada maka. Abin da za ka iya shi ne ka rubuta matakan gwajin tun kafin ka fara aikin, ka bari kwana ɗaya ya shige, sannan ka bi su kamar yadda suke a rubuce. A gwajin ƙararrawa kuma ka sa lambar wayar wani abokin aiki, ko da ba injiniya ba ne, ya shaida cewa saƙon ya iso.

Na ƙarshe, tabbaci yana tsufa. Ranar da aka ɗaga rumbun zuwa sabuwar siga aka bar tsohon `pg_dump`, gwajin da aka yi wata shida baya ya daina aiki. Ana gane wannan da umarni biyu:

```bash
pg_dump --version
psql -d kasuwa -c "SHOW server_version;"
```

Sigar `pg_dump` kada ta gaza ta rumbun. Saboda irin wannan, kafin a rufe tikitin da ya shafi kariya, a yi tambaya ɗaya: me zai sake gwada wannan nan gaba? Ga kwafin ajiya, gwajin mako-mako shi ne amsa. Ga ƙararrawa, a buɗe sabon tikiti na maimaita gwajin awa 27 bayan wata uku, shi ma da mai shi da ranarsa.

Wanda yake son fara amfani da darasin nan, ya ɗauko rahoton tangarɗa ta ƙarshe da aka yi a wurin aikinsa, ya jera ayyukan da ke ƙarshensa a ginshiƙai biyar ɗin nan, sannan ya fara gwaji da waɗanda aka rubuta an gama.